Murjanin da na kai gidan Hajiya

Dillanci na gada wurin Inna, ba gona ba, ba gida ba. Ita ma wurin uwarta ta gada. Mu ne matan da ke ɗaukar kayan wata mu shiga da su gidan wata, tun da matan birni a lokacin ba sa fita kasuwa. Mai son sayar da tasa ko zane ko abin wuya sai ta kira mu, mai son saye ma mu take jira, in ciniki ya faɗa a ba mu la'ada. Shekarun da nake magana a kansu, ana saura kaɗan a ba mu mulkin kai, dalar gyada na ta tashi a wajen tashar jirgin ƙasa, mijina bai daɗe da rasuwa ba. Ina zaune da 'ya'yana a wani ɗaki cikin gidan yayarsa a Kabara. Yaya nake ce mata, kuma har yau in na tuna ta sai na ji ɗaci a bakina, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Mutane na zaton dillanci baki ne. Baki na ciki, amma rabin sana'ar jira ne. Za ki kai wa mace kaya ta juya su, ta ce a bar mata su kwana ta yi shawara. Daga nan sai shiru. Ba za ta aiko ba, ba za ta ce tana so ba, ba kuma za ta ce ba ta so ba, don matar babban gida ba ta iya buɗe baki ta ce wa dillaliya a'a. To a nan ake gane wadda aka koya wa sana'a da wadda ta tsince ta a hanya.

Yadda Inna ta koya mini, in kin bar kaya sai ki ba su 'yan kwanaki. Sannan ki koma, amma gaisuwa kika je, kada ki ambaci kayan ko da wasa. In tana da magana ita za ta ɗauko. In ba ta ɗauko ba, ki ƙara ba ta lokaci fiye da na farko, ki koma da wani ɗan dalili a hannu, kwalli ko turare ko sabon zare, don kada zuwanki ya zama kamar na mai bin sawu. Ranar za ki iya taɓa zancen sau ɗaya, a tsaye, kina shirin fita. In har yanzu shiru ne, zuwa na gaba shi ne na ƙarshe, kuma ke za ki buɗe mata ƙofar fita. Ki ce mai kaya na cigiyar kayanta. Laifi ya koma kan wadda ba ta wurin, ita kuma ta miƙo miki ba tare da ta ji kunya ba. Daga ranar kin rufe zancen. Kina iya shiga gidan gobe da wani kayan, a yi hira a yi dariya, amma wancan ya wuce.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa masu saye. Kowace dillaliya tana da irin ƙullinta. Ni nawa na Inna ne, ƙulli biyu, sannan in soke bakin tsumman guda ta ƙasa. In aka dawo mini da kaya na ga ƙullina yadda na yi shi, na san ko buɗewa ba a yi ba, babu sha'awa, ba sai na ɓata wa kowa lokaci ba. In na ga wani ƙulli daban, to an buɗe, an duba, rai ya biya.

Gidan da ya fi kowane gida daraja a wurina shi ne na wata Hajiya a unguwar Larabawa, can cikin birni. Kakannin mijinta daga Turabulus suka zo da raƙuma, suka zauna, har Hausa ta zama bakinsu. Inna ta yi wa surukar Hajiya dillanci, ta yi wa Hajiya, ni kuma tun ina goye ake shiga da ni. A gidan nan ba na tsayawa a soro, sallama kawai nake yi in wuce har ɗakinta. Za a kawo shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi bisa wani babban tire na tagulla, da alkaki a gefe. Hajiya farar mace ce doguwa, mai magana a hankali, ba ta taɓa kirana da suna ba, sai dai ta ce “'yata”. Kuma duk matan unguwar idonsu na kanta. Wadda Hajiya ta yarda da ita kowa ya yarda da ita. Da ƙofar gidan nan nake ciyar da 'ya'yana, don ita ce ke buɗe mini sauran.

To sai Yaya ta tashi zuwa Makka. Lokacin an fara tafiya a jirgin sama, wasu ƙawayenta sun je sun dawo cikin ɗan lokaci, ita ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Abin da take da shi mai tsada shi ne murjanin da ta gada wurin uwarsu, tsohon murjani na ainihi, manyan ƙwayoyi, ja mai duhu, ba irin na roba da aka fara zubawa a kantunan Kwara, baƙin 'yan kasuwar nan, ba. Bayan ƙaramar salla ta kira ni ɗakinta ta ajiye shi a gabana.

Ta ce, “Ki kai wa Hajiyar nan taki. Ta taɓa ganinsa a wuyana a wani biki, ta ce duk ranar da zan rabu da shi a fara sanar da ita. Kuma ki sani masu shirya tafiya ba za su jira ni ba.”

Na ce, “To, Yaya. Amma irin wannan kaya ba a yi masa gaggawa.”

Ta ce, “Ke dai kai.”

Na ƙulle shi a wani farin tsumma na kai. Hajiya ta kwance. Ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ta goga ƙwaya guda a tafin hannunta, ta ce uwarta na da irinsa sak, a rabon gado ya tafi wani ɗakin. Na faɗa mata abin da mai shi ke nema. Ba ta taya ba, ba ta ce ya yi tsada ba. Ta ce, “Bar mini shi, 'yata, zan neme ki.” Na sake ƙulle shi da hannuna na ajiye mata, na fito ina murna, don na ga idonta.

Kwanaki suka wuce ba aike. Yaya kuwa kullum da safe in na je gaishe ta, kafin ta amsa sai ta ce, “Ya labarin Larabawa?” Na koma gidan gaisuwa. Muka yi hirar ciwon gwiwarta da tsadar gero, aka kawo shayi, na sha na tashi. Ba ta ɗauko zancen ba, ni ma ban ɗauko ba. Abu guda na lura da shi, a kan faifai aka kawo kofunan, ba a kan tiren tagullar nan ba. Na ce a raina ko an kai wanki ne.

Da na dawo Yaya ta ce, “Me ta ce?”

Na ce, “Ba mu yi zancen ba tukuna.”

Ta tafa hannu. “To me kika je yi? Shan shayi?”

Na haɗiye. Ɗakin da nake kwana nata ne.

Zuwa na biyu na tafi da kwalli mai kyau da wani ɗan fatake ya kawo. Hajiya ta karɓa ta yaba, ta ce a ajiye mata kaɗan. Ranar na ƙara kallon ɗakin da kyau. Jeren tasoshinta na bango, wanda tun ina yarinya nake ganinsa a cike har rufi, an ja tasoshin an rarraba su don su rufe gurbi. Wanda bai san ɗakin ba ba zai gane ba. Alkaki ma babu. Da na miƙe na gyara mayafi, sai na ce, “Hajiya, ko an samu an ƙara duba ɗan abin nan?”

Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta. Ta ce, “Yana nan, 'yata. Zan neme ki.”

Na ce, “Babu gaggawa ko kaɗan.” Ƙarya na yi, amma irin ƙaryar da sana'a ta yarda da ita ce.

Ba a jima ba na je wani gida wajen Ƙofar Kabuga kai zannuwa. Na tarar da wata dillaliya daga Fagge, wadda ba ta cika shigowa birni ba, ta baje kayanta a tsakar gida. A cikin kayan sai ga wasu mundaye na azurfa masu kan maciji. Na ɗauka na duba. Ɗaya daga ciki tana da tabon gyara a ciki, kuma Inna ce ta kai ta wurin maƙeri aka yi gyaran, ina biye da ita. Mundayen Hajiya ne. Na tambayi matar daga ina, ta ce mai su ta hana a faɗa. Na ajiye su na koma kan zannuwana.

A hanyar dawowa na haɗa komai. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa fataucin fata ya bar hannun irin su mijinta ya koma na manyan kamfanoni, ga Alhajin ya tsufa, ga ciwo. Ashe abin ya kai ɗakin Hajiya. Tana fitar da kayanta ɗaya bayan ɗaya, kuma ta nemo baƙuwa daga wajen gari don kada ni, da na san gidan yana cike, in gani. Sai da na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba, har na yi ƙwalla a lungu. Amma na fahimce ta. Ba za ta iya sayen murjanin ba, ba za ta iya cewa ba ta da hali ba, kuma ranta bai yarda ta rabu da shi ba. Shirun nata ke nan.

Ban bari ya daɗe a wuyanta ba. Na koma, bayan gaisuwa na ce, “Hajiya, ki gafarce ni, mai kayan nan ta dame ni. Wai wata 'yar'uwarsu ce ke son gani kafin a yanke shawara. Kin san halin masu kaya.”

Wallahi sai da na ga kafaɗunta sun sauka. Ta tashi da kanta, ba ta aiki kowa ba, ta ɗauko daga ƙarƙashin matashi. Ƙullin ba nawa ba ne. Tsumman ma ya yi laushi don yawan kwancewa da ɗaurewa. Ta riƙe hannuna da ƙullin duka ta ce, “Allah ya yi miki albarka. Kin gaji uwarki. Ki riƙa leƙo mu, kada ki ce sai da kaya.”

Na ce, “In Allah ya yarda, Hajiya.”

Na fito ina ganin na yi aikina yadda ya kamata, kuma har gobe ina nan a kan haka.

Yaya na ganin ƙullin ta ɓata rai. Ta kwance, ta kai hanci. Murjanin ya kama ƙamshin turaren Hajiya, wani haɗi ne da su kaɗai ke yi a gidansu, kowa a birni ya san shi.

Ta ce, “Au, har sawa ta yi. Ta ce ba ta so ne?”

Na ce, “Ba ta ce ba.”

“To ta ce tana so?”

“Ba ta ce ba, Yaya.”

“Shi ne kika kwaso kika dawo? Mace ta sa abu a wuya, ai ta saya. Gobe ki mayar, ki zauna mata har sai ta yi magana.”

Na ce, “Ba zan koma da shi ba. Na je iyakar zuwan da ake yi. Zan nema miki wata.”

Ta ce in faɗa mata dalili. Dalilin na bakina, da na faɗa da wataƙila ta bar zancen, wataƙila kuma kafin la'asar ya zaga Kabara ya fita ta Ƙofar Nassarawa. Na san bakin Yaya. Kuma abin da dillaliya ta gani a ɗakin mutane ba nata ba ne balle ta bayar. Sai na ce kawai ciniki ne bai faɗa ba. Ta kira ni malalaciya, ta ce ƙanenta ya tafi ya bar mata kaya, ta ce na fi son 'yan shayi da dangin 'ya'yana.

Ban zauna ba. Na kai murjanin gidaje da dama. Matar wani attajirin goro ta taya, tayi mai kyau wanda zai kai Yaya Makka ya dawo da ita, sai dai bai kai abin da ta sa a ranta ba. Yaya ta ce albarka. Wata kuma ta ce a dakata mata mijinta ya dawo daga Gwanja. Ina cikin wannan ne Yaya ta karɓe kayanta, ta ce ta gaji da wasan da nake yi da ita.

A makon aka yi suna a wani gida a Kabara, gidan malamai ne masu dangantaka da kowa. Da yamma mata suka cika tsakar gida. An shimfiɗa wa Hajiya darduma a inuwa tare da manyan mata, ni ina can wajen madafi ina taya rabon waina. Sai na hango Yaya ta tashi ta nufi wajen, murjanin na wuyanta a kan riga, inda kowa zai gani.

Ta durƙusa ta gaishe ta lafiya lau. Sannan ta ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

“Hajiya, dama ina son ganinki. Ga abin nan da kika ce a fara kawo miki. Dillaliyata ta ce ya yi makonni a wurinki, har kin sa kin ji daɗinsa, ga ƙamshinki nan bai fita ba. Shiru shiru ba mu ji ba. In so ne a faɗa, in kuma hali ne babu, ai ba abin kunya ba ne, duniya ce. A faɗa mana mu san inda muka nufa.”

Har mai luguden daka ta tsaya. Na saki faranti na taho ina cewa, “Wallahi ban faɗa ba, Hajiya, ban ce komai ba.” Na faɗa da ƙarfi, mutane sun ji. Amma wa zai yarda? Ni na kai, ni na dawo da shi, a gidan matar nake kwana.

Hajiya ba ta dubi Yaya ba. Ni ta duba, kallo guda, ba na fushi ba, irin kallon da ake yi wa wanda ba a taɓa gani ba. Sannan ta ce a hankali kamar kullum, “Na saya. Yadda kika faɗa, ban rage komai ba. A kawo gobe.” Ta ɗan tsaya. “A ba wani ya kawo.”

Ta zauna har aka gama abin da ake yi, ta ba mai jego abin da ta kawo, ta yi sallama da kowa ta tafi. Ban taɓa ganin ƙarfin hali irin na ranar ba.

A gida Yaya har da rangaɗa guɗa. Ta ce mini, “Kin ga yadda ake ciniki? Magana guda. Ke kin yi ta sintiri kina shan shayi.” Ta ƙara da cewa la'ada kuma babu, tun da ita ta sayar da abinta. Ko ta bayar ba zan taɓa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matan gidan sun ba ta gaskiya, har wata na cewa dillalan yanzu kunya ta yi musu yawa.

Bayan kwana kaɗan, da rana tsaka, 'yan dako suka fito daga gidan Hajiya da wani babban akwatin katako mai ƙusoshin tagulla. Akwatin nan a kan raƙumi ya ƙetaro sahara, a cikinsa surukarta ta ajiye kayan aurenta, a kansa nake zama ina yarinya ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Ba ya shiga ƙarƙashin mayafin dillaliya, dole a ɗauke shi a ka. Suka ratsa unguwa da shi zuwa kasuwar Kurmi, maza na zaune a dakali suna kallo. Abin da matar nan ta yi ta rufewa da rarraba tasoshi, ranar kowa ya gani. Da kuɗin akwatin aka biya Yaya.

Daga nan ƙofofi suka fara rufe mini. Ba wadda ta kore ni. Sai dai in yi sallama a ce matar gida na wanka, ko a karɓi kayan a soro a dawo mini da su nan take. Wata tsohuwa da ke ƙaunar Inna ce ta faɗa mini gaskiya, ta ce ana cewa ina kwasar zancen ɗaki in kai waje. Dillaliyar da aka yi wa wannan shaida ta gama yawo a birni. Na san mutum guda ce za ta iya wanke ni. In aka ga na shiga wurin Hajiya na fito, shi ke nan, ba sai ta ce komai ba.

Na bari ƙura ta lafa. Sannan na haɗa turaren wuta mai kyau, na sandal da hawi, irin wanda Inna kan kai mata, na ƙulle a sabon tsumma na tafi. A soro na ci karo da tsohuwar da ke yi mata aiki tun kafin a haife ni, Iya muke ce mata. Ta tare hanya da jikinta, tana kallon ƙasa.

Ta ce, “Hajiya na salla.”

Hantsi ne, amma na ce, “Allah ya karɓa. Gaisuwa na zo, Iya. Ga wannan a ba ta.” Ta karɓa, na juya.

Ana cikin haka Yaya ta tashi. Aka raka ta filin jirgi da mota, ana ta addu'a, ni aka bar wa share ɗakinta.

Na ƙara ba da lokaci, na koma da kwallin da Hajiya ta ce a ajiye mata, don dai in sami abin faɗa. Iya ta shiga ta daɗe, ta fito ta ce Hajiya ta kwanta, kwallin kuma tana da saura. Na ce, “Iya, ki ce mata 'yarta na neman ta ba ta dama ta yi magana guda, ko daga bakin ƙofa ne.” Ta ce za ta faɗa. Na yi ta sauraron aike, duk yaron da ya yi sallama a gidanmu sai na leƙo. Ba wanda ya zo.

Zuciyata ta yi ta raya mini in je in zauna a soron nan kullum har ta gaji ta fito. In tare ta a wani biki in rantse da Alƙur'ani a gaban mata. In aika malamin unguwa ya roƙa mini. Amma duk wanda na ɗauka na juya sai in ga fuskar Yaya a ciki. Wanke kaina a gaban mutane yana nufin a sake tayar da zancen rashinta a gaban mutane. An riga an matsa wa matar nan sau ɗaya ta yi abin da ba ta so, kuma na ga abin da ya ci mata.

Yaya ta dawo da haƙorin Makka, ta zama Hajiya ita ma. Ta ba ni dabino da ɗan zobe na tsaraba, na ba yara.

Bayan babbar salla na yi zuwa na ƙarshe. Ban ɗauki komai ba. Na tarar da Iya a soro tana tsince shinkafa. Muka gaisa, na ce, “Iya, ki gaya wa Hajiya ba zan ƙara damunta ba. In ta neme ni ta san inda nake, in ba ta neme ni ba babu komai, alherinta da na gidan nan ba zan manta ba. Kuma ɗan saƙon nan da na bari, in bai dace da ita ba, kada ta ji nauyi.”

Iya ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta shiga. Na tsaya ina jin motsin gidan, ƙarar kofunan shayi, tarin Alhaji daga turakarsa. Har na ji muryar Hajiya, ƙasa ƙasa, ban dai ji abin da ta ce ba. Raina ya ba ni za a ce in shigo, har na fara gyara mayafi.

Iya ta fito da ƙullin turaren a hannu biyu ta miƙo mini. Ta ce, “Ta ce ta gode.”

Na juya shi. Ƙulli biyu, bakin tsumman guda a soke ta ƙasa. Yadda na ɗaure shi a ɗakina haka yake, ko ja ba a yi ba.

Iya ta ce a hankali, “Ki ƙara gwadawa bayan damina, ko ta huce.”

Na ce, “A'a, Iya. Ta ba ni amsa.”

Ban ƙara taka lungun ba har Hajiya ta bar duniya. Wasu sun ce girman kai ne ya hana ni, Yaya na cikinsu. Na bar mata ɗakinta, na kama haya a Fagge inda ba wanda ya san Inna, na fara daga farko da tsofaffin zannuwa da kwanonin sha. Turaren ma a can na sayar da shi, don yara sai sun ci. Matar da ta saya ta ce in buɗe ta ji ƙamshi. Ƙullin ya yi tauri, farcena ya kasa, sai da haƙori na kwance shi.